Imel Ɗin da Ya Ce Daga Bankinka Yake: Wurare Uku da Za Ka Duba Kafin Ka Taɓa Komai

A watan Disamba na 2023 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna da su tabbatar kowane asusu yana haɗe da lambar BVN ko ta NIN, ya kuma ce daga 1 ga Maris na 2024 za a tsayar da hada-hada a asusun da bai cika wannan sharaɗi ba. Umarnin gaskiya ne, kuma bankuna sun yi ta aika wa masu ajiya saƙonnin tunatarwa. Irin wannan lokaci ne kakar 'yan damfara ke yanke saƙa. Mutane sun riga sun ji labarin a rediyo, zukata sun riga sun tsorata, abin da ya rage wa ɓarawo shi ne ya rubuta imel mai ɗauke da tambarin banki, ya ce ga hanyar gyara asusunka cikin minti biyu.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne wannan: kusan duk abin da idonka ke fara gani a cikin imel, wanda ya aiko shi ne ya rubuta shi yadda yake so. Tambarin banki, launinsa, sunan da ya bayyana a sama, rubutun da ke kan maɓalli, har gargaɗin da ke ƙasa mai cewa ka yi hattara da 'yan damfara, duk ana kwafarsu daga imel na gaskiya cikin ɗan lokaci. Abubuwan da ke tona asiri suna ɗan ɓoye, sai ka nema. Guda biyu ne: adireshin wanda ya aiko, da ainihin inda linki yake kai mutum. Na ukun kuwa, wato gaggawar da saƙon ke cusa maka, an sa ta ne don kada ka tsaya duba waɗancan biyun.

Saƙon da za mu yi aiki da shi

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wani ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari, yana da asusu a wani banki. Don kada mu ambaci sunan kowane banki, mu ce ainihin shafin bankin nasa shi ne bankinka.com. Ranar Juma'a da yamma, yana shirin rufe shago, sai imel ya shigo wayarsa. A sama an rubuta sunan bankin da manyan haruffa. Saƙon, wanda aka rubuta da Turanci mai tsafta, yana cewa an gano saɓani tsakanin BVN ɗinsa da bayanan asusunsa, kuma idan bai gyara cikin awa 24 ba za a tsayar da asusun. A ƙasa akwai maɓalli mai launin bankin, ƙarƙashinsa kuma an rubuta www.bankinka.com da shuɗin rubutu.

Babu abin da ya gani a nan wanda ya yi kama da ƙarya. Ga kuma kuɗin kaya da zai tura wa dila ranar Litinin. Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da zuciyarsa za ta raya masa. To, bari mu ga abin da zai gano idan ya ba saƙon minti ɗaya.

Wuri na farko: adireshin wanda ya aiko

Kowane imel yana zuwa da abubuwa biyu da mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Akwai sunan da ake nunawa, akwai kuma adireshin da ke bayansa. Sunan tamkar rubutun bayan ambulan ne: mai aika wasiƙa yana iya rubuta sunan kowa a wurin, gidan waya ba zai tambaye shi ba. Matsalar ita ce manhajar imel ta waya, saboda ƙarancin fili, suna kaɗai take fara nunawa. Sai ka buɗe saƙon, ka taɓa ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin sunan, wanda a manhajar Gmail yake cewa "to me", sannan cikakken bayani ya bayyana. Da ɗan kasuwarmu zai taɓa wurin, ga abin da zai gani:

```
From: BANKINKA PLC <care@bankinka-bvn.top>
Reply-to: bankinka.care247@gmail.com
```

Ka manta da duk abin da ke gaban alamar @, domin kowa yana iya sa kalmar da ya ga dama a wurin. Abin da ya biyo bayanta shi ne sunan gidan da saƙon ya fito. A nan bankinka-bvn.top ne, ba bankinka.com ba. Sunan bankin yana ciki, gaskiya ne, amma an liƙa masa wata kalma da karan ɗori, an kuma canza ƙarshen. Wannan wani gida ne dabam, wanda kowa zai iya yi wa rajista da kuɗi kaɗan ba tare da bankin ya sani ba.

Layi na biyu ya ƙara tona asirin. Reply-to shi ne adireshin da amsarka za ta tafi idan ka mayar da martani. Bankin da ke da gidan imel na kansa ba shi da dalilin karɓar amsar masu ajiya a Gmail ko Yahoo. Haka zancen yake ga hukumomi: saƙon da ya ce daga Babban Banki yake, amma adireshinsa bai ƙare da cbn.gov.ng ba, ba nasu ba ne. Kuma Babban Banki ba shi ne ke riƙe da asusunka ba, balle ya nemi ka gyara shi ta imel.

Wasu ɓarayin sun fi wannan wayo. Maimakon ƙara kalma, sai su musanya harafi da mai kama da shi: lamba 1 a madadin harafin l, lamba 0 a madadin o, ko r da n a jere, waɗanda a ƙaramin rubutun waya suke komawa kamar m. Wanda ke cikin sauri ba zai lura ba. Maganin shi ne ka nemo wani tsohon saƙo da ka tabbata daga bankin yake, kamar bayanin asusu na ƙarshen wata, ka gwada adireshin biyu harafi da harafi.

Wannan duba yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Adireshi mara kyau hujja ce cewa saƙon na ƙarya ne, amma adireshi mai kyau ba hujja ba ce cewa na gaskiya ne. Ana iya ƙirƙirar layin From ɗin kansa. Manyan kamfanonin imel suna da hanyoyin tantance hakan, shi ya sa irin waɗannan saƙonni da yawa suke faɗawa Spam, ko Gmail ya sa alamar tambaya a wurin hoton mai aikowa. A kwamfuta kuma, idan ka latsa ƙaramar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan, za ka ga layukan mailed-by da signed-by, waɗanda ke nuna gidan da ya aiko da wanda ya sa hannu. Duk da haka wasu saƙonnin suna tsallake wannan shinge. Don haka ba a tsayawa a adireshi kaɗai.

Wuri na biyu: inda linki yake kaiwa

Linki ma fuska biyu gare shi. Akwai rubutun da kake gani, akwai adireshin da aka ɓoye a ƙarƙashinsa, kuma babu abin da ya tilasta su zama ɗaya. Mai aiko da saƙo yana iya rubuta www.bankinka.com a fili, ya ɗaura shi a kan wani shafi can dabam. Wannan ita ce dabarar da ta fi cin mutane, domin mun saba ɗauka cewa abin da aka rubuta shi ne inda za a je.

Ganin ɓoyayyen adireshin ba shi da wuya. A kwamfuta, ka kai kibiyar linzami kan linkin ka ajiye ta ba tare da ka latsa ba. Ainihin adireshin zai fito a ƙasan fuskar ta gefen hagu. A waya, ka ɗora yatsa a kan linkin ka riƙe na ɗan lokaci, kada ka yi taɓawa ɗaya ka ɗaga; akwati zai buɗe ya nuna adireshin. Idan hannunka ba ya tsayawa, ka bar wannan gwaji gaba ɗaya, domin ba dole ba ne, kamar yadda za mu gani. Ɗan kasuwarmu ya riƙe shuɗin rubutun, sai wannan ya fito:

```
https://bankinka.com.sabunta-bvn.top/login
```

Mutane da yawa za su kalli wannan su ce ai ga bankinka.com nan a farko, komai daidai. A nan ne kuskuren yake. Adireshin intanet ba daga hagu ake gane mai shi ba. Ga yadda ake yi. Ka tsallake https:// da ke farko. Ka bi rubutun har ka isa sanda mai karkata ta farko, wato alamar /. Ka tsaya nan, ka dawo baya. Kalmomi biyu na ƙarshe kafin sandar, waɗanda ɗigo ya raba, su ne sunan mai shafin. A misalinmu sabunta-bvn.top ne. Duk abin da ke hagu da shi, har da bankinka.com ɗin, ƙari ne da mai shafin ya rubuta da kansa, kuma yana da ikon rubuta komai a wurin. Idan adireshin ya ƙare da .com.ng ko .gov.ng, to kalmomi uku za ka ɗauka maimakon biyu.

Gwada wannan ƙa'ida a kan waɗannan ukun:

```
https://ibank.bankinka.com/login
https://bankinka-ng.com/login
https://sabunta-bvn.top/bankinka.com
```

Na farko na bankin ne, domin kafin sandar bankinka.com ne yake tsaye, kalmar da ke gabansa kuwa sashe ne kawai na gidan. Na biyu ba nasa ba ne: karan ɗori ba ya raba suna kamar yadda ɗigo ke yi, saboda haka bankinka-ng suna ne sabo ɗungurungum. Na uku ma ba nasa ba ne, don sunan bankin ya zo ne bayan sandar, inda mai shafi ke rubuta abin da yake so.

Abubuwa biyu suna ruɗa ko da wanda ya iya wannan karatu. Na ɗaya shi ne alamar kwaɗo da harafin s na https. An daɗe ana gaya wa mutane cewa shafi mai kwaɗo amintacce ne. Abin da kwaɗon ke nufi kawai shi ne babu mai leƙen abin da ke wucewa tsakaninka da shafin. Bai ce komai a kan halin mai shafin ba, kuma takardar shaidar da ke kawo shi ana samunta kyauta. Na biyu shi ne gajerun linkuna irin na bit.ly, da hoton QR da ake sakawa cikin imel ko cikin takardar da aka maƙala. Dukkansu suna ɓoye inda za a kai ka. Haka nan fayil ɗin da ya ƙare da .html ko .htm wanda aka ce bayanin asusu ne: idan ka buɗe shi, shafin shiga banki na bogi ne zai bayyana a wayarka.

A nan ma akwai iyaka. Bankunan gaskiya sukan ba wasu kamfanoni aikin tura saƙonnin talla, sai linkin ya fito da dogon adireshi wanda ba sunan bankin ba. Wato linki na gaskiya yana iya kama da na ƙarya. Wannan bai kamata ya dame ka ba, domin babu abin da za ka rasa idan ka ƙi latsa linkin gaskiya. Duk abin da banki yake so ka yi, za ka same shi a manhajarsa ko a reshensa.

Wuri na uku: gaggawar da aka ɗora maka

Koma kan saƙon ɗan kasuwarmu ka lura da gininsa. Akwai barazana, wato rufe asusu. Akwai wa'adi gajere, awa 24. Akwai hanya ɗaya tak ta tsira, maɓallin da ke cikin saƙon. Sannan ya iso da yammacin Juma'a, lokacin da rassan banki suka rufe sai Litinin, ta yadda wa'adin zai cika kafin mutum ya sami wanda zai tambaya ido da ido. Idan waɗannan suka haɗu a saƙo ɗaya, ba haɗuwar banza ba ce. Mai tsoro ba ya karanta adireshi harafi da harafi, kuma ɓarawon ya san haka.

Barazanar takan canza riga. Wani lokaci a ce an cire naira dubu ɗari da hamsin daga asusunka, idan ba kai ba ne ka latsa nan ka soke. Wani lokaci a ce wani ya shiga asusunka daga wata ƙasa, ko katinka zai daina aiki yau. Wani lokacin ma ba tsoro ba ne, kwaɗayi ne: an cire maka kuɗi bisa kuskure, ka karɓi abinka kafin ƙarfe goma sha biyun dare. Duk hanyarsu ɗaya ce, su sa ka yi aiki kafin ka yi tunani.

To ai banki ma yana sa wa'adi, in ji mai tambaya. Haka ne. Amma dubi umarnin da muka fara da shi: an sanar a Disamba, wa'adin sai Maris, wato kusan wata uku, kuma an ji shi a rediyo da jaridu da cikin rassan banki. Wa'adin gaskiya yana da tsawo, jama'a sun san da shi, kuma akwai hanya fiye da ɗaya ta cika shi. Wa'adin ƙarya gajere ne, kai kaɗai aka gaya wa, kuma ƙofarsa ɗaya ce. Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe, a nan kuwa abin da yake haifarwa asarar jari ce.

Kada kuma a dogara da alamomin da. A can baya ana gane waɗannan saƙonni da gurɓataccen Turanci da gaisuwar da ba ta ambaci suna ba. Yanzu da yawansu rubutunsu tsaf yake, wasu ma suna kiran mutum da cikakken sunansa, domin sunaye da adiresoshin imel suna yawo a hannun masu sayar da bayanan jama'a. Sanin sunanka ba shaida ba ce cewa bankinka ne ke magana.

Abin da ke faruwa a bayan maɓallin

Da ɗan kasuwarmu ya latsa, shafin da zai buɗe kwafin na bankin ne sak. Za a fara tambayarsa abin da bai ɗauka sirri ba: lambar asusu mai lambobi 10, da BVN mai lambobi 11. Da ya saki jiki, shafi na biyu zai nemi dogon jerin lambobin da ke kan katinsa, da watan ƙarewarsa, da lambobi 3 na CVV, da PIN mai lambobi 4. A daidai wannan lokaci akwai mutum a ɗaya ɓangaren yana kwashe abin da ake rubutawa, yana shigar da shi a wani shafin biyan kuɗi na gaskiya. Bankin na ainihi zai ga ana son cire kuɗi da katin, sai ya turo OTP zuwa wayar ɗan kasuwar. Shafin bogin kuma zai ce ya rubuta lambar da aka turo masa don kammala gyaran.

Wannan ne matakin da ya fi haɗari, domin OTP ɗin daga bankin gaskiya ya fito, kuma zuwansa yana ƙara wa mutum yarda. Amma ba gyaran BVN yake tabbatarwa ba, cire kuɗi yake amincewa da shi. Sau da yawa saƙon OTP ɗin yana faɗar abin da aka turo shi dominsa, ya kuma yi gargaɗin kada a ba kowa. Wanda ya karanta saƙon gaba ɗaya, ba lambar kaɗai ba, yana iya tsira ko a wannan mataki na ƙarshe. Gyaran bayanan asusu ba ya buƙatar PIN na kati ko CVV, kuma babu bankin da ke tambayarsu ta imel ko ta waya.

Idan ka riga ka latsa

Latsa linki kaɗai, ba tare da rubuta komai ko sauke wani abu ba, galibi ba ya kwashe kuɗi. Ka rufe shafin, ka da ka amince da girka wata manhaja da ya ba ka. Idan kuwa ka rubuta bayanan kati ko kalmar sirri, to mintuna ne a hannunka. Ka toshe katin nan take ta manhajar bankin ko ta lambar toshewa da bankin ya tanada, ka kira lambar da ke jikin katinka, ba wadda ke cikin imel ɗin ba. Ka canza kalmar sirrin manhajar, ka canza ta imel ɗinka ma idan iri ɗaya ce.

Idan kuɗi sun fita, ka sanar da bankin a take, domin yana iya neman bankin da aka tura su ya riƙe su kafin a rarraba su zuwa wasu asusun. Babu tabbacin za su dawo, amma kowace awa da ta wuce tana rage damar. Ka kai ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin, kuma kada ka goge imel ɗin, hujja ce. Idan bankin bai yi abin da ya kamata ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, ana kuma kai irin wannan ƙara ga hukumar EFCC ko 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ɗauki wannan aiki a matsayin laifi mai hukuncin ɗauri ko tara. Sannan ka yi hattara da kira na biyu: wanda ya bugo ya ce daga banki yake, zai taimaka a dawo da kuɗinka idan ka karanto masa lambar da aka turo, ɓarawon nan ne ya sake dawowa. Kada kunya ta hana ka faɗa wa na kusa da kai. An tsara tarkon ne don ya kama masu hankali a lokacin da suke cikin sauri.

Ƙa'idar da ta haɗa duka

Duba adireshi da karanta linki suna ba ka hujjar jefar da saƙo, amma akwai ɗabi'a guda da ke kare ka ko a ranar da idonka ya gaji: kada ka taɓa shiga bankinka ta ƙofar da imel ya buɗe maka. Duk abin da saƙon ya ce, ka rufe shi, ka buɗe manhajar bankin da kanka, ko ka rubuta adireshin shafin da hannunka, ko ka kira lambar jikin katinka. Idan matsalar gaskiya ce za ka tarar da ita a can. Idan babu ita a can, to babu ita.

Mai karatu, kada ka jira sai saƙon ya zo. Yau ɗin nan ka nemi lambar toshe katin bankinka da lambar kiransu ka ajiye a wayarka da kuma a takarda, ka buɗe wani tsohon imel na bankin ka haddace abin da ya biyo bayan alamar @. Sannan ka zauna da mahaifinka ko mahaifiyarka, da yaron shagonka, ka nuna musu yadda ake riƙe linki a ga inda yake kaiwa.